Kundin Aikin Samar da Sarari a Ƙaramin Faifan SSD

Litinin, 3 ga Maris, 2025

Kwamfutar da ake wannan aiki a kanta ta tafi-da-gidanka ce mai faifan SSD na gigabait 128 da RAM na gigabait 8, tana kuma aiki da Windows 11. Abin da allo ke nunawa a matsayin girman faifan C shi ne GB 118, domin masu ƙera faifai suna lissafin gigabait da dubu-dubu, Windows kuwa tana lissafi da 1024, sannan an ware wani ɗan yanki don tayar da na'ura da gyaranta. A cikin wannan 118, GB 5 kaɗai ya rage, kuma layin da ke ƙarƙashin sunan faifan ya riga ya koma ja, abin da ke faruwa idan sararin da ya rage ya yi ƙasa da kashi goma cikin ɗari.

Dalilin da ya sa na ɗauki lamarin da muhimmanci ya wuce rashin wurin ajiye sabon fayil. Faifan SSD yana rubutu ne a ƙananan shafuka, amma ba ya iya share shafi guda shi kaɗai, sai dai ya share babban rukunin da shafin ke ciki, kamar allon da ake rubutu a kansa layi-layi amma ba ya wankuwa sai gaba ɗaya. Muddin akwai rukunan da ba komai a ciki, rubutu yana tafiya kai tsaye. Idan faifai ya kusa cika kuwa, kafin ya rubuta abu kaɗan sai ya kwashe shafukan da ke da amfani daga wani rukuni zuwa wani, ya share na farkon, sannan ya rubuta, don haka aikin ya ninka, saurin ya ragu, ƙwayoyin faifan kuma suna ƙara tsufa ba tare da wani amfani ba. Alamar da na gani ita ce buɗe fayil bai canza sosai ba, amma adana babban fayil ko girka manhaja yana farawa da sauri sannan ya koma jan ƙafa.

Na sa wa aikin ma'auni biyu. Na farko, kada sararin da ya rage ya sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na faifan, wato kusan GB 24. Na biyu, a sami ƙarin wurin da zai ɗauki babban sabuntawar Windows na gaba, domin irin wannan sabuntawa kan ajiye tsohon tsarin a gefe na ɗan lokaci. Idan aka haɗa su, abin nema ya kama kusan GB 40. Yau ban taɓa ko da fayil guda ba, awo kawai na yi.

Laraba, 5 ga Maris

Sakamakon awon, daga shafin Storage da ke cikin Settings da kuma duba folda-folda, ya nuna cewa Windows kanta ta ci kusan GB 24, foldar Windows.old ta ci 14, manhajoji 20, fayilolin tsarin nan biyu, hiberfil.sys da pagefile.sys, sun ci 5, sai AppData 5. Sauran 45 nawa ne: bidiyon darussa 18, hotuna 10, foldar Downloads 9, da foldar aiki mai cike da fayilolin CSV da rubutu tsantsa, ita kuma 8.

Da na zauna da wannan lissafi, sai na ga cewa girman fayil ba shi ne zai yanke hukuncin abin da za a yi da shi ba. Girma yana nuna inda ya kamata a fara dubawa ne kawai. Abin da ke yanke hukunci tambayoyi biyu ne: idan fayil ɗin ya ɓace, ana iya sake samunsa daga wani wuri, ko kuwa wannan ne kwafinsa ɗaya tilo? Sannan sau nawa ake buɗe shi? Wanda ake iya sake samu, gogewa ta dace da shi komai girmansa. Wanda ba shi da madadi amma ba a cika buɗe shi ba, kwashe shi za a yi zuwa wani faifai. Wanda ake buƙata kullum dole ya zauna inda yake, kuma shi ne kaɗai ya cancanci a yi tunanin matse shi, wannan ma sai in irinsa yana matsuwa. Zan bi su da wannan jeri, gogewa a farko, domin matsewa da kwashewa duk suna tafiya da kyau ne idan faifai ya sami wurin numfashi.

Asabar, 8 ga Maris

Kafin in goge komai na tabbatar da wani abu da ke sa gogewa a SSD ta bambanta da ta tsohon faifai mai juyawa. Na buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa na rubuta:

```
fsutil behavior query DisableDeleteNotify
```

Amsar ta zo da 0, ma'ana umarnin TRIM yana aiki. TRIM shi ne saƙon da Windows ke aika wa faifai cewa waɗannan shafuka ba a buƙatar su kuma, faifan kuma yakan share su da kansa ba da daɗewa ba. Wannan alheri ne ga sauri, amma yana nufin manhajojin dawo da fayilolin da aka goge, waɗanda kan yi nasara a tsohon faifai, a nan galibi ba sa samun komai. Da zarar an zubar da Recycle Bin, sai dai haƙuri. Saboda haka na raba gogewar gida biyu: abin da tsarin ya tara wa kansa, wanda kayan aikin Windows suka san yadda za su cire, da kuma abin da ni na tara, wanda sai na duba da idona ɗaya bayan ɗaya.

Mafi girma a kashin farko ita ce Windows.old. A cikinta ne tsohon tsarin yake bayan babban sabuntawa, kuma amfaninta guda ne, wato komawa baya idan sabon ya zo da matsala. Windows kan goge ta da kanta bayan kwana goma, don haka wanda bai matsu ba zai iya jira. Ni na gwada abubuwan da suka fi saurin lalacewa bayan sabuntawa, wato sauti, kyamara, haɗin intanet, na'urar buga takarda da manhajojin aiki, na ga duk lafiya, sannan na buɗe Disk Cleanup, na danna Clean up system files, na zaɓi Previous Windows installation(s). Ba a goge wannan folda da hannu, domin izinin fayilolinta na tsarin ne, kuma yawanci sai a ƙare da rabi a goge rabi a maƙale. Sararin da ya dawo GB 12 ne, ba 14 ba. Wannan giɓi ba kuskure ba ne: wasu fayilolin suna da suna a wuri biyu alhali jikinsu ɗaya ne a kan faifai, kuma mai awo yakan ƙirga su a kowane wuri.

Irin wannan ruɗi ya fi yawa a foldar WinSxS, inda Windows ke ajiye sassan tsarinta, wadda kan bayyana da girma mai ban tsoro har mutum ya so ya shiga ya rage ta. Shiga cikinta da hannu na iya hana Windows sabuntawa, ko ma hana ta tashi. Hanyar da ta dace ita ce waɗannan umarnai biyu, na farko ya faɗi ainihin girmanta da ko tana buƙatar shara, na biyu ya yi sharar:

```
Dism /Online /Cleanup-Image /AnalyzeComponentStore
Dism /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup
```

Akwai ƙarin /ResetBase da ke kwashe fiye da haka, amma bayansa ba a iya cire sabuntawar da aka riga aka girka, don haka na bar shi. Haka nan ban taɓa C:\Windows\Installer ba, duk da cewa tana da nauyi, domin manhajoji suna komawa can idan za a gyara su ko a cire su. Wannan shara, haɗe da fayilolin wucin gadi, ta ba da kusan GB 2.

A Downloads na sami fayil ɗin ISO na girka Windows mai GB 5.4, da tarin fayilolin girka manhajoji da suka kai 1.6, waɗanda duk ana iya sake sauko da su, kuma sababbinsu ma sun fi waɗannan. Su na goge. Sauran GB 2 takardu ne da aka turo mini, wasunsu ba ni da tabbacin suna nan a wani wuri, don haka na mayar da su foldar Documents. Sai da na zubar da Recycle Bin sannan lambar sarari ta motsa, domin abin da ke cikin kwandon yana nan a kan faifai yana cin wurinsa. A ƙarshen yau sarari ya kai GB 26.

Talata, 11 ga Maris

Aikin yau gajere ne. Fayil ɗin hiberfil.sys yana ɗaukar kusan kashi 40 cikin ɗari na girman RAM, wato GB 3.2 a wannan kwamfuta, kuma a cikinsa ake zuba abin da ke RAM idan aka sa na'ura dogon barci. Ana iya kashe shi ɗungurum, amma hakan na tafiya da saurin tashi na Fast Startup. Na zaɓi matsakaiciyar hanya:

```
powercfg /h /type reduced
```

Wannan ya rage shi zuwa rabi, ya cire zaɓin Hibernate, ya bar saurin tashi. Na sami GB 1.6. Shi kuwa pagefile.sys, inda ake sauke wani ɓangare na abin da ke RAM idan ta cika, na bar wa Windows ta ci gaba da kula da shi, domin a kwamfuta mai RAM 8 rage shi yana jawo manhajoji su rufe kansu idan aiki ya yi yawa, kuma wannan hasara ta fi GB 2 da za a samu. Sarari yanzu kusan 27.5.

Asabar, 15 ga Maris

Matsewa ita ce ta fi jan hankalin mutane, domin tana alkawarin sarari ba tare da an rabu da komai ba, kuma a ganina ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Matsewa tana aiki ne ta hanyar gano abin da ke maimaituwa a cikin fayil ta rubuta shi a taƙaice. Fayil ɗin da aka riga aka matse ba shi da sauran maimaicin da za a rage. Bidiyon MP4, hoton JPEG, sautin MP3 duk a matse aka ƙirƙire su, kuma fayilolin DOCX da XLSX su ma a haƙiƙa ƙunshin ZIP ne da aka sauya wa suna. Rubutu tsantsa, CSV, da yawancin fayilolin da manhaja ke aiki da su kuwa suna matsuwa sosai.

Ban tsaya ga wannan sani kawai ba, na gwada da samfuri kafin in taɓa folda gaba ɗaya. Na ɗauki bidiyo guda mai MB 600 da fayil ɗin CSV mai MB 500, na shiga Properties na kowanne, na danna Advanced, na sa alama a Compress contents to save disk space. Wurin duba sakamako shi ne layuka biyun da ke shafin Properties: Size, wanda ba ya canzawa domin shi ne ainihin girman abin da ke ciki, da Size on disk, wanda ke nuna wurin da fayil ya ci a kan faifai. A bidiyon, layukan biyu sun zauna kusan daidai. A CSV ɗin, Size on disk ya sauko zuwa MB 230. Wannan gwaji na minti kaɗan ya isa ya nuna cewa matse GB 28 na bidiyo da hotuna ɓata lokaci ne, tare da sa faifai rubutun da bai da amfani.

Daga nan sai zaɓi tsakanin nau'o'in matsewa biyu da Windows ke da su, kuma bambancinsu shi ne abin da ya fi cancanta a riƙe a wannan babi. Na farko shi ne wanda na gwada a sama, na tsarin NTFS, wanda matsewarsa matsakaiciya ce amma yana ci gaba da aiki: duk fayil ɗin da aka canza ko aka ƙara a foldar yakan shiga a matse. Shi na sa wa foldar ayyukan da ake kan yi, mai GB 3, ta koma 1.4. Na biyu ana samunsa ta umarnin compact da ƙarin /exe, yana matsewa fiye da na farko, musamman da nau'in LZX, amma an yi shi ne don fayilolin da ake karantawa ba a canza su. Da zarar an yi rubutu a cikin fayil ɗin da aka matse ta wannan hanya, sai ya warware ya koma girmansa na asali. Don haka na yi amfani da shi a foldar wata babbar manhaja mai GB 6, bayan na rufe ta, a Command Prompt da ikon mai gudanarwa:

```
compact /c /s:"C:\Program Files\Manhaja" /i /exe:lzx
```

Ta koma GB 3.6, kuma ban ga jinkirin da zai dame ni wajen buɗe ta ba, domin warware matsi a kan injin zamani abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da matsewar kanta, wadda ta ɗauki lokaci fanka na ta kuka. Ban matse fayilolin da ake rubutu a cikinsu ba dare ba rana ba, irin su ma'adanar saƙonnin imel, domin a wurinsu matsewa tana ƙara nauyi ne kawai. Akwai kuma compact /compactos:always da ke matse fayilolin Windows kanta, yakan ba da GB 2 ko sama kaɗan, amma na ajiye shi don ranar da aka matsu.

Jimillar abin da matsewa ta kawo GB 4 ne, sarari ya kai 31.5. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma in an kwatanta da GB 21 da gogewa ta bayar a yini guda, za a ga matsayin matsewa na gaskiya a ƙaramin faifai: ciko ce, ba ita ce ginshiƙin aikin ba.

Asabar, 22 ga Maris

Kwashewa ce ta rage, kuma a nan ne na fi yin taka-tsantsan, domin a nan ake taɓa abubuwan da ba su da madadi. Mutum kan ji kamar ya adana abu idan ya mayar da shi faifan waje, alhali kwafi ɗaya ne ya tashi daga wuri ya koma wani, kuma sabon wurin yana iya faɗuwa ƙasa, ko ya ɓace, ko a zare shi ana tsakiyar rubutu. Don haka na sa wa kaina ƙa'ida cewa ba zan goge komai daga SSD ba sai in yana da kwafi a wuri biyu, ko kuma rasa shi ba zai zama babbar hasara ba.

Faifan wajen da na samu mai juyawa ne na terabait 1, mai haɗuwa ta USB. Na duba tsarinsa tukuna, domin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai GB 4, kuma kuskuren da yakan nuna yana sa mutum ya zaci faifan ne ya cika. Tsarin exFAT ba shi da wannan iyaka kuma kwamfutocin Mac suna rubutu a kansa, amma tun da Windows kaɗai zan haɗa shi da ita, na zaɓi NTFS, wanda ya fi jure yankewar aiki ba zato.

Ban yi amfani da Cut da Paste ba, domin idan aikin ya katse a tsakiya sai a wayi gari wasu fayiloli suna nan wasu suna can, ba a san inda aka tsaya ba. Kwafa na yi, na tantance, sannan na goge:

```
robocopy "C:\Users\Ni\Videos\Darussa" "E:\Ajiya\Darussa" /E /DCOPY:T /R:1 /W:1
```

Ƙarin /E yana ɗaukar duk ƙananan foldoji, /DCOPY:T yana riƙe kwanan watansu, /R:1 da /W:1 kuma suna hana shi maƙalewa a kan fayil guda, domin in ba a faɗa masa ba zai yi ta sake gwadawa har sau miliyan yana jiran daƙiƙa 30 a tsakani. A teburin da ya fitar a ƙarshe na duba layin FAILED na ga sifili. Bayan haka na zaɓi manyan fayiloli na kwatanta lambar tantancewarsu ta Get-FileHash a PowerShell, ta asali da ta kwafi, suka zo iri ɗaya, na kuma buɗe wasu bidiyon daga faifan waje na tsallaka zuwa ƙarshensu, domin fayil ɗin da ya yanke yakan buɗe lafiya a farko. Bidiyon darussan suna nan a ma'adanar wurin da aka ba da su, wato kwafi na biyu ya samu, don haka na goge GB 15 na bar 3 da nake kan kallo.

Tsofaffin ayyukan da aka kammala, GB 5 na CSV da rubutu, su ne inda matsewa da kwashewa suka haɗu. Na ɗaure kowane aiki a ƙunshinsa na 7z da manhajar 7-Zip, na sa a rubuta ƙunshin a faifan waje. Ban haɗa su a ƙunshi guda ba, saboda lalacewar ɗan yanki a babban ƙunshi na iya tafiya da fayiloli masu yawa a lokaci ɗaya. Duka sun koma GB 1.1, na bi kowanne da umarnin Test, kuma da yake sun ƙanƙance haka sun shiga cikin GB 5 da ma'adanar intanet ta OneDrive ke bayarwa kyauta, suka zama kwafi na biyu. A kan OneDrive akwai abin lura: goge fayil a foldar da ke haɗe da shi yana goge shi a can ma, abin da ke cire kwafin kwamfuta ya bar na intanet shi ne Free up space.

Na yi tunanin mayar da foldar Documents gaba ɗaya zuwa faifan waje ta shafin Location da ke cikin Properties, na fasa. Wannan dabara tana da kyau idan faifai na biyu a cikin kwamfutar yake, amma a kwamfutar da ake yawo da ita, duk ranar da aka bar faifan a baya ko harafinsa ya canza daga E zuwa F, manhajoji za su nemi foldar su rasa. Sarari ya kai GB 51.5.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na koma na auna don ganin abin da ya tsaya da abin da ya dawo. Sarari yana GB 48. Babbar manhajar nan ta sabunta kanta, kuma kamar yadda aka zata, sababbin fayilolinta sun shigo ba a matse ba, foldar ta tashi daga 3.6 zuwa 4.7, don haka na sake bin ta da umarnin compact, wanda ke tsallake waɗanda ke matse ya kama sababbin kawai. Foldar aiki mai matsewar NTFS kuwa tana nan tana matse duk abin da aka zuba mata. Sauran ragin daga fayilolin wucin gadi ne da sabuntawar wata-wata. Na kunna Storage Sense ya riƙa share su, ya kuma zubar da abin da ya kwana 30 a Recycle Bin, amma a zaɓin Downloads na bar Never, domin ba ya iya bambance fayil ɗin girka manhaja da takardar da ba ta da kwafi.

Hotunan nan na GB 10 suna nan a SSD, ko da yake na riga na kwafe su zuwa faifan waje. Ba sa matsuwa, ba su da madadi, kuma sun fi ƙarfin abin da ya rage a OneDrive, don haka a yanzu SSD ɗin ne kwafinsu na biyu. Ba zan goge su ba sai na sami faifai na biyu da zan ajiye a wani wuri dabam, kuma tun da sarari ya haura GB 40 da aka nema, babu abin da ke tilasta gaggawa. Awo na gaba zai zo bayan babban sabuntawar Windows, don a ga nawa Windows.old za ta ci a wannan karon.